Bitar awa biyu kan gwajin maleriya a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wadan Zariya

A tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara a Zariya, wani asibiti mai zaman kansa da ke Tudun Wada ya canza irin kayan gwajin maleriya na nan-take da yake saye. Tsohon irin ana ɗiga masa ruwan gwaji ɗigo biyu a jira minti 20. Sabon kuwa takardar da ke cikin kwalinsa ta ce ɗigo huɗu, a karanta bayan minti 15, kada kuma a karanta idan ya wuce minti 30. An sanar da wannan canji a taron safe, kowa ya ce ya ji. Bayan 'yan makonni mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya fara lura da abubuwan da ba su kwanta masa ba. Ya ga kaset, wato 'yar robar da ake ɗiga jinin gwaji a kai, da jini ya maƙale bai hau ba saboda ruwan ya yi kaɗan. Ya ga wanda aka karanta tun kafin minti biyar saboda layin marasa lafiya ya yi tsawo, ya kuma ga wanda aka manta a kan tebur har awa guda sannan aka rubuta sakamakonsa. Mutum goma sha biyu ne ke yin wannan gwaji a asibitin, nas-nas da ma'aikatan lafiya na al'umma, kuma mai asibitin ya ɗora wa babbar nas, wadda kowa ke kira Hajiya, nauyin shirya musu bita.

Shawarar farko da aka kawo mata ita ce wadda aka saba: a tara kowa ranar Asabar, a aro majigi, likita ya yi lacca ta awa uku kan maleriya tun daga sauro har magani, a raba lemo da fanke, a ɗauki hoto. Hajiya ba ta karɓa ba, kuma hujjarta ta yi ƙarfi. Babu ɗaya cikin mutum goma sha biyun da bai san sauro ne ke kawo cutar ba. Matsalar tana hannu da ido da agogo. Don haka ta zauna da mai ɗakin gwaje-gwaje suka rubuta abu uku da suke so kowa ya iya yi idan an tashi: ya yi gwajin daga farko zuwa ƙarshe bisa takardar sabon kwalin, ya karanta kowane irin sakamako daidai har da mai dishi-dishin layi, ya kuma iya yi wa majinyaci bayani idan gwaji ya nuna babu maleriya. Duk abin da bai taimaki ɗaya daga cikin ukun nan ba, an cire shi daga shirin, komai kyansa.

Zaɓen lokaci ya ci mata tunani fiye da zaɓen darasi. Asabar ranar biki ce a Zariya, rabin mutane za su zo da hankalinsu a wajen ɗaurin aure. Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi kuma akwai ma'aikata Kiristoci da ke zuwa coci. Da safe asibiti a cike yake. Wanda ya sauka daga aikin kwana kuwa, ko an zaunar da shi barci zai yi, kuma bai kamata a ba shi tsinken huda yatsa ya gwada a jikin abokin aikinsa ba. Sai ta raba su gida biyu, shida-shida. Masu aikin safe su miƙa aiki ƙarfe biyu, su yi Azahar, su ci abinci, a fara biyu da kwata a tashi huɗu da kwata, a yi La'asar, masu komawa Samaru da Wusasa su sami abin hawa da sauran rana. Masu aikin yamma suna riƙe da asibiti. Mako na gaba, da jadawalin aiki ya juya, kashi na biyu su yi nasu. An kuma tanadi abincin rana, domin wanda ya wuni a tsaye tun ƙarfe takwas ba zai saurari kowa ba idan cikinsa babu komai.

Ba a yi amfani da majigi ba, saboda ba a son bitar ta dogara da wuta. Abin da aka tanada shi ne kwali biyu na sabon kayan gwajin, safar hannu, auduga, tsinken huda yatsa, kwalin zuba allurai guda biyu, agogon bango, da takardar matakai ga kowane mutum. An buɗe kwali biyu ne ba don yawan kaset ba, tunda guda 25 da ke cikin kwali ɗaya sun isa duka zaman biyu. Dalilin shi ne kwalbar ruwan gwaji ɗaya ce a kowane kwali, kuma tebur biyu za a yi aiki a kai, ba a kuma haɗa ruwan wani kamfani da kaset ɗin wani. Sannan mai ɗakin gwaje-gwaje ya ɗauki hotunan sakamako iri-iri a daidai lokacin karanta su, aka wanke su a kati goma. Hoto ya zama dole saboda abu biyu: ma'aikatan da za su gwada juna galibinsu lafiyarsu ƙalau, layi ɗaya kawai za a yi ta gani, kuma tsohon kaset ba ya koyarwa domin kamanninsa na canzawa idan ya bushe.

Minti goma na farko ba a yi jawabi ba. An jera katunan goma a kan benci, kowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takardarsa, ya rubuta akwai, ko babu, ko gwajin ya lalace, ba tare da magana da na kusa da shi ba. Hajiya ta faɗa musu tun farko cewa takardar ba za ta kai ga mai asibiti ba, kuma ba ta shafi albashin kowa ba. Abin da ya fito ya nuna inda za a sa ƙarfi. Katunan da layukansu suka fito raɗau, kowa ya ci su. Katin da layin T, wato layin da ke nuna akwai cutar, ya fito dishi-dishi, mutum huɗu cikin shida suka ce babu maleriya, alhali duk layin da ya bayyana a T, komai rashin ƙarfinsa, akwai ne, matuƙar layin C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki, ya fito. Katin da T ya fito amma C bai fito ba, mutum biyar suka ce akwai, alhali idan babu C gwajin ya lalace, sai an sake da sabon kaset. Wannan ɗan gwajin ya yi wani aiki bayan auna sani: wanda ya shigo yana ganin shekara nawa yana wannan aiki me za a koya masa, ya gyara zama.

Jawabi minti goma kacal aka ba shi, kuma ya isa. An tuna musu cewa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da maleriya da gwaji kafin a ba da magani, wanda ke nufin abin da suka rubuta a kati shi likita zai bi. Aka nuna musu takardar sabon kwalin, aka sa mutum ɗaya ya karanto adadin ɗigo da mintoci da bakinsa.

Nunin aikin ya ɗauki minti ashirin, kuma an bi tsarin matakai huɗu da likitan tiyata Rodney Peyton ya bayyana a 1998 don koyar da aikin hannu. Da farko mai ɗakin gwaje-gwaje ya yi gwajin a yatsan Hajiya yadda yake yi kullum, bai ce uffan ba, don su ga aikin a dunƙule. Karo na biyu ya maimaita a hankali, ba tare da huda kowa ba, yana faɗin kowane mataki da dalilinsa: a duba ranar lalacewa a jikin leda, a sa safar hannu, a rubuta sunan majinyaci a kan kaset, a goge yatsa a bari ya bushe kafin a huda, a jefa tsinken a kwali nan take ba a ajiye shi a tebur ba, a ɗebi jini daidai alamar abin ɗiba, wato ɗan mitsitsi ne, maikurolita biyar, domin idan ya yi yawa yana sa tagar da ake karanta sakamako ta yi ja, ya ɓoye layi. Sai a sa jinin a raminsa, a riƙe kwalbar ruwan a tsaye a ƙirga ɗigo huɗu a nasa ramin, a dubi agogo a rubuta lokacin da za a karanta a jikin kaset ɗin. Karo na uku shi ne wanda a ganina ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi tsallakewa a bitoci. Mai koyarwa ya tsaya da kayan a hannu, ba ya motsi sai an gaya masa abin da zai yi. Ma'aikatan suna faɗi bi da bi, shi kuma yana aikata abin da aka faɗa kawai. Da wata ta ce ya huda alhali ba a ce ya jira yatsa ya bushe ba, sai ya tsaya yana kallonsu, har wani ya gano abin da aka tsallake. Ba a kunyata kowa ba, ba a kuma ɓata kaset ba.

Mataki na huɗu shi ne kowa ya yi da hannunsa, kuma shi aka ba kaso mafi girma, minti talatin. An zauna uku-uku: mai gwaji, wanda ake gwadawa, da mai duba da takardar matakai, sannan a juya har kowa ya riƙe kowane matsayi. An nemi yardar kowa kafin a huda shi. An haɗa mata a tebur ɗaya, maza a ɗaya, don kada riƙe hannu ya sa wani ya takura. Akwai kuma wata matsala da Hajiya ta hango tun kafin ranar. Yarinyar da ta gama makaranta bara ba za ta iya ce wa nas ɗin da ta haife ta a shekaru ta yi kuskure ba. Kunya da girmama na gaba ba sa barin hakan, kuma ba wanda yake so a cire su daga wurin aiki. Sai ta kafa ƙa'ida: mai duba ba ya cewa an yi kuskure, yana karanta abin da takarda ta ce ne kawai. Da lokacin ya zo, ƙaramar ta ce, "Anti, takarda ta ce a rubuta lokaci kafin a cire safar hannu." Babbar ta ce, "Haka ne 'yata, miƙo min biro." Gyaran ya shiga ba tare da an ɓata wa kowa ba.

A nan ne lissafin lokaci ya sami cikas a zaman farko. An tsara cewa mutum uku su gama nasu, sannan duka a jira minti 15 tare. Amma kowane mutum yana ɗaukar kusan minti takwas, don haka kaset ɗin mutum na farko ya isa karantawa a daidai lokacin da na uku ke tsakiyar huda yatsa. A tebur ɗaya ba wanda ya lura har sai da Hajiya ta nuna agogo. Kuskuren da ya jawo bitar ke nan ya maimaita kansa a gabansu: kana kan majinyaci na gaba, na baya ya wuce lokacinsa. Ba ta gyara jadawalin don kauce masa a zama na biyu ba. Ta bar shi da gangan, ta ƙara ƙa'ida ɗaya: duk wanda ya ɗiga ruwa ya saita ƙararrawar wayarsa a minti 15, kuma idan ta kaɗa hannunsa na cikin aiki, ya kira wani ya karanta masa. Haka aikin yake a ranar da asibiti ya cika, gara a saba da shi a ɗakin bita.

Jiran kaset ɗin ƙarshe bai tafi a banza ba. A cikin mintocin nan goma sha biyar aka dawo da katunan da aka faɗi da farko, kowane tebur ya tattauna, ya faɗi amsarsa da hujjarsa. A nan wani ya jefo tambaya mai kyau: majinyaci ya gama shan magani makon jiya, ya dawo, gwaji ya sake nuna akwai, me ke nan? Amsar ita ce irin wannan gwaji yana gano wani sinadari ne da ƙwayar cutar ke saki a jini, kuma sinadarin kan daɗe har makonni bayan ƙwayar ta mutu, don haka irin wannan majinyaci sai likita ya duba shi, a kuma duba jininsa a madubin ganin ƙwayoyin cuta na ɗakin gwaje-gwaje. Mai ɗakin gwaje-gwaje ya fara zurfafa bayani, abin ya fara ja. Hajiya ta bar shi ya ba da amsar a taƙaice, ta rubuta sauran a allo don taron safe. Minti goman da ta ware a jadawali ba tare da ta sa musu komai ba, rabinsu a nan suka tafi. Mai shirya bita da ya cika kowane minti da aiki, idan irin wannan ta taso, daga gwajin ƙarshe yake yankowa, wanda shi ne bai kamata a taɓa ba.

Daga nan aka tashi tsaye don ɗan wasan kwaikwayo na minti goma sha biyar, daidai lokacin da jiki ya fara mutuwa. Hajiya ta zama uwar da ta kawo yaro jikinsa zafi rau, gwaji ya nuna babu maleriya, ita kuma ta kafe sai an ba shi maganin maleriya domin ta san ciwon ɗanta. Wanda ya fara amsa mata ya yi ta kawo kalmomin makaranta, sai ta ce masa, "Ɗan nan, ni ban gane ba, magani nake so." Na biyu ya fi dacewa. Ya ce, "Mama, zazzaɓin nan gaskiya ne, na taɓa jikinsa na ji. Amma jininsa bai nuna na sauro ba ne. Akwai na kunne, akwai na maƙogwaro, akwai na ƙirji. Bari likita ya duba ya gano wanne ne, don kada mu ba shi maganin da ba nasa ba ciwon ya ci gaba. Idan kuma jikin bai sauka ba, ki dawo da shi a sake gwadawa." An sa kowa ya faɗi irin wannan da kalmominsa, ba a ba da hadda ba.

A duk tsawon awa biyun Hajiya ba ta tambayi kowa "kun gane?" ba, kuma da niyya ta yi hakan. Amsar wannan tambaya a wurinmu "mun gane" ce, ko an gane ko ba a gane ba, domin ba wanda yake son ya zama shi kaɗai ya ɗaga hannu a gaban babba. Tambayoyinta duk na aikatawa ne: nuna min yadda za ki riƙe kwalbar, ƙarfe nawa za ka karanta wannan idan ka ɗiga uku da minti bakwai, me za ki rubuta a kan wannan katin. Minti goman ƙarshe aka sake jera katunan, an sauya musu tsari, an kuma musanya uku da sababbi don kada a amsa da hadda. Mutum biyar suka ci duka goma.

Na shidan dattijo ne da ya fi kowa daɗewa a asibitin, hannunsa kuma ya fi na kowa tsabtar aiki. Ya sake faɗuwa a katuna biyu masu dishi-dishin layi, alhali da baki ya faɗi ƙa'idar daidai. Bayan an watse Hajiya ta kira shi gefe, ta kai katin bakin taga ta ce, "Baba, duba min nan." A haske ya ga layin, da ƙyar. Ba fahimta ce ta gaza ba, ido ne, ga kuma teburin gwajin asibitin yana wani lungu mai duhu. Ko sau goma aka maimaita masa darasi ba zai canza komai ba. An matsar da teburin kusa da taga, shi kuma ya je aka auna idonsa ya sami tabarau. Da jarrabawar rubutu aka yi, da ya ci ta duka ya koma yana rubuta babu a kan yaran da ke da cutar.

Iya yin abu a ɗakin bita daban, yin sa ranar da mutum talatin ke jira a benci daban. Saboda haka aunawar ba ta ƙare ranar ba. A makonni biyun da suka biyo baya, Hajiya ko mai ɗakin gwaje-gwaje ya tsaya a kan kowane ma'aikaci sau biyu yana gwada majinyaci na gaske, da takardar matakan nan a hannu. An kuma ƙara gurbi biyu a rajistar gwaji, lokacin ɗiga ruwa da lokacin karantawa, ta yadda duk wanda ya buɗe littafin zai ga tazarar. Ɗigo huɗu ya zauna a hannun kowa. Jefa tsinke a kwali ma haka. Inda aka sami komawa baya shi ne rubuta lokaci a jikin kaset, musamman a aikin yamma da mutum biyu kacal ke riƙe da wurin. An gano cewa biron da suke da shi ba ya kama robar kaset sosai, sai aka sayo alƙalamin maka mai siririn baki aka ɗaure shi da zare a jikin teburin.

Abin da ake fata daga abu na uku da aka sa a gaba, wato kada a ba da maganin maleriya ga wanda gwaji ya nuna babu, shi ne bai motsa sosai ba. Da aka gwama rajistar gwaji da ta ɗakin magani, an ga har yanzu ana rubuta maganin ga wasu da sakamakonsu babu ne. Ma'aikatan suna yin bayaninsu yadda aka koya, amma ba su ne ke rubuta magani ba, kuma likitocin biyu da ke rubutawa ba su halarci bitar ba, domin tun farko an ɗauke ta a matsayin ta masu yin gwaji. Hajiya ta kai wa mai asibitin littattafan biyu a buɗe, ta nemi zaman minti arba'in da likitocin da mai ba da magani, a ranar Laraba bayan Azahar, inda za a ɗauki katunan majinyata biyar daga cikin waɗannan a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane likita ya faɗi abin da zai duba a jikin yaron idan ba maleriya ba ce.